Furojet kan fitowar matasa zaɓe a Kano: alƙaluman INEC kaɗai za su isa?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar siyasa, an ce kowa ya kawo maudu'i uku a zaɓar masa ɗaya. Wanda ya fi kwanta mini shi ne "Fitowar matasa kaɗa ƙuri'a a Jihar Kano a zaɓen 2023", kuma ina son in dogara kacokan da alƙaluman da INEC ta wallafa, domin ba ni da halin bin unguwa-unguwa da takardar tambayoyi. Na riga na samu cewa matasa su ne kashi 39.65 cikin ɗari na masu rajista a ƙasa. Malamai da yayyena na wannan zaure, wannan take zai yi? Daga ina zan fara?

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Zai yi mana, kuma kayan aikin a fili suke. Masu rajista a ƙasa 93,469,008 ne, 'yan shekara 18 zuwa 34 a cikinsu 37,060,399. Ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa sun kusa miliyan 25. Ka ɗauki kashi 39.65 na wannan adadin, za ka samu matasa wajen miliyan 9.9 ne suka fito. Sai ka yi wa Kano irin wannan lissafin, ka samu babi na huɗu.

Malam_na_Gwammaja:
Baban Ilham, alƙalumanka daidai ne, amma lissafin da ka ɗora a kansu ba zai tsaya ba. Da ka ɗauki kashi 39.65 na ƙuri'un da aka kaɗa, ka riga ka yanke cewa matasa sun fito daidai da yadda dattawa suka fito. To ai wannan shi ne abin da yaron yake son ya bincika. Ka ba shi amsa tun kafin ya yi tambaya.

Ɗan Kurna, ka fara da duba takardar sakamako ita kanta. Fom EC8A da ake cikewa a rumfa yana ɗauke da yawan masu rajista, yawan waɗanda aka tantance, takardun ƙuri'a da aka bayar da waɗanda ba a yi amfani da su ba, waɗanda suka lalace, sai abin da kowace jam'iyya ta samu. Babu gurbin shekaru, babu na mace ko namiji. EC8B na mazaɓa, EC8C na ƙaramar hukuma da EC8D na jiha duk tara wancan ne kawai, abin da babu a ƙasa ba zai bayyana a sama ba. Shekaru a rajista suke, ƙuri'a a akwati take, kuma sirrin ƙuri'a ya raba su.

Ga abin da alƙaluman za su iya gaya maka da gaske. A ce duk ƙuri'un nan kusan miliyan 25 matasa ne suka kaɗa su, ba dattijo ko ɗaya: ka raba da miliyan 37, fitowar matasa ta zama kashi 67. A ce kuma ba matashi ko ɗaya da ya fito: sauran masu rajista sun haura miliyan 56, sun isa su kaɗa miliyan 25 su kaɗai har da ragowa. Ke nan gaskiyar tana wani wuri tsakanin sifili da kashi 67. Iyakar abin da sakamakon ya nuna ke nan, kuma ba a gina furojet a kan wannan faɗin.

Baban_Ilham:
Allah gafarta Malam, na karɓi gyara a kan kiran sa sakamako. Amma idan ya rubuta shi a matsayin ƙiyasi, ya faɗi zaton da ya ɗora a kai fa? Jaridu da yawa haka suke yi.

Malam_na_Gwammaja:
Zai iya kawo shi a babi na ɗaya don ya nuna abin da za a samu da a ce kowane rukuni ya fito daidai da ɗan'uwansa. Amma ranar kare aiki tambayar farko da za a yi masa ita ce: ta yaya ka san shekarun wanda ya dangwala? Idan amsar "na ƙiyasta" ce, babi na huɗu ya rushe.

Jar_Hula_Dala:
Ni ban ga abin wahala ba. Kowa a garin nan ya ga layi ranar zaɓe, samari da 'yan mata ne fal. Kwankwaso ya samu 997,279 a Kano, Tinubu 517,341. Wa ya kawo wannan ratar in ba matasa ba? Ka rubuta kan yadda matasa suka sauya gwamnati a Kano kawai, ɗan'uwa.

Anti_Tarauni:
Jar Hula, ba tambayar da ya yi ke nan ba. Wa matasa suka zaɓa daban, matasa nawa suka fito daban, kuma duka biyun sakamako ba ya nunawa. Ko maganar layi ka duba ta da kyau. Inda matasa suka fi kowa yawa a rajista, za su cika layi ko da rabinsu sun zauna a gida. Mu ƙaddara rumfa mai matasa 600 da dattawa 200, matasa 180 suka fito, dattawa 100. Ido zai ga matasa sun rinjayi layi kusan ninki biyu, alhali fitowarsu kashi 30 ce, ta dattawan kashi 50. Abin da ido ya gani gaskiya ne, amma ba shi ake aunawa ba.

Ƙanena Ɗan Kurna, shawarata ka sauya kalma ɗaya a taken. Ka cire "fitowa", ka sa "rajista". A nan INEC ta ba da rabe-raben shekaru da bakinta. A rajistar da aka buɗe a Yunin 2021 aka rufe ƙarshen Yulin 2022, mutum 12,298,944 suka kammala, aka soke 2,780,756 bayan tantancewa, aka bar 9,518,188, kuma kashi 76.5 na waɗannan 'yan 18 zuwa 34 ne. Kano ta tashi daga 5,457,747 a 2019 zuwa 5,921,370 a 2023, ƙarin 463,623, wato kashi 8.5, alhali ƙasa baki ɗaya ta ƙaru da kashi 11.3. Me ya sa jihar da ke ta biyu a yawan masu rajista ta yi ƙasa da matsakaicin ƙasa a sabuwar rajista? Wannan tambaya ce da za ka iya bi da takardu.

Ɗan_Kurna:
Na gode Anti. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na ga a 2019 an ce matasa kashi 51.11 ne, a 2023 kuma 39.65. Ke nan matasa sun guji rajista ne? Na so in sa wannan a matsayin matsalar binciken.

MaiJadawali:
Kada ka sa shi haka, nan ne mutane da yawa suke zamewa. Abu na farko, ma'aunin ba ɗaya ba ne. A 2019 rukunin 18 zuwa 35 ne, a 2023 ya koma 18 zuwa 34. Abu na biyu, rajista ba sabuwa ake yi duk zaɓe ba, tun ta 2011 ake ɗorawa a kai, mutanen ciki kuma shekarunsu tafiya suke yi.

Bi shi a hankali. Wanda zai kasance cikin rukunin a 2023 sai wanda bai wuce 30 ba a 2019. Ke nan duk 'yan 31, 32, 33, 34 da 35 na 2019 sun fita, shekarun haihuwa biyar cur. Matasan 2019 wajen miliyan 42.9 ne. Ka ƙara sababbi wajen miliyan 7.2, ka samu 50.1. Ka cire miliyan 37.1 da aka samu a 2023, saura miliyan 13. Ka raba 13 gida biyar, kowace shekara ta ɗauki wajen miliyan 2.6. Rukunin 35 zuwa 49 na 2023 mutum 33,413,591 ne a shekara goma sha biyar, wajen miliyan 2.2 kowace shekara. Ka ga alƙaluman ba su yi nisa da juna ba. Yawancin faɗuwar nan girma ne da sauya ma'auni, ba guduwa ba.

Abin da ya rage na tambaya ta gaske shi ne: sababbin da ke shigowa sun kai yawan waɗanda ke cika 18 kowace shekara? A nan za ka buƙaci yawan jama'a, kuma ƙidaya ta ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba Kano 9,401,288. Duk abin da ya biyo baya hasashe ne da aka ɗora a kanta. Ka yi amfani da shi, amma ka rubuta ƙarara cewa hasashe ne, ka faɗi na wace hukuma ka ɗauka.

Anti_Tarauni:
Ƙari a kan maganar MaiJadawali: ka zaɓi ma'anar "matashi" guda ɗaya tun a babi na ɗaya. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce 15 zuwa 29, yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta ce 15 zuwa 35, Majalisar Ɗinkin Duniya 15 zuwa 24. Tunda alƙaluman INEC za ka yi aiki da su, bi nata, 18 zuwa 34, ka faɗi dalili a jimla biyu. Idan ka ɗauko ma'ana daga wuri ɗaya, alƙaluma daga wani, tebur ɗinka ba zai amsa sunansa ba.

Ɗan_Fagge:
Ni ban yarda a jefar da maganar fitowa gaba ɗaya ba. Akwai hanya ta tsakiya. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Ka nemo wuraren da matasa suka fi yawa, kamar Kabuga da Ɗorayi a Gwale inda ɗaliban BUK ke zaune, ka kwatanta fitowarsu da ta mazaɓun cikin ganuwa. Idan fitowa ta yi ƙasa a inda matasa suka yi yawa, ai ka samu hujja.

Malam_na_Gwammaja:
Ɗan Fagge ya kusa, kuma masana suna yin irin wannan, amma da sharuɗɗa. Na farko, Kabuga da Ɗorayi ba za su tsaya a madadin ɗalibai ba a wannan zaɓen. ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, watannin ƙarshe na rajista sun faɗa cikinsa, ɗalibai suna gidajen iyayensu. Sannan an umarci jami'o'i su rufe daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris 2023 saboda zaɓe. Ɗalibin da ya yi rajista a garinsu ba ya cikin rajistar Gwale. Wanda ya yi a kusa da makaranta kuma, an tura shi gida kwana uku kafin zaɓe. Idan fitowa ta faɗi a can, ba ka san ko rashin sha'awa ba ne ko rashin kasancewa a gari.

Na biyu shi ne mafi girma. Ko ka ga mazaɓun da matasa suka yi yawa fitowarsu ta yi ƙasa, ba ka nuna matasan ne suka ƙi fitowa ba. Sababbin unguwannin bayan gari a Kumbotso da Ungogo suna da matasa da yawa, amma kuma suna da 'yan haya masu yawan ƙaura, da mutanen da katinsu na tsohuwar unguwa ne. Mai yiwuwa magidantan wurin ne ba su fito ba. Abin da ya tabbata a kan unguwa ba lallai ya tabbata a kan mutum ba.

Inda hanyar take aiki shi ne inda rukuni ɗaya ya kusa mamaye rajistar. Ga misali na ƙirƙira. Rumfa mai mutum 1,000, matasa 700, aka kaɗa 400. Ko duk manya 300 sun fito, dole matasa 100 sun yi zaɓe, wato kashi 14. Mafi yawa kuma 400 cikin 700, kashi 57. Faɗin ya yi yawa. Amma rumfa mai mutum 1,000, matasa 900, aka kaɗa 400: mafi ƙaranci 300 cikin 900, kashi 33, mafi yawa kashi 44. Wannan tazarar ana iya magana a kanta. Sharaɗin shi ne ka samu rabe-raben shekaru na kowace rumfa ko mazaɓa, wannan kuma sai ka nema daga hukumar.

Yaya_Hotoro:
A kan neman, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ka rubuta wa Kwamishinan Zaɓe na jiha, ka haɗa da takardar gabatarwa daga sashenku. Kada ka ce "ina neman bayanan zaɓe", za a miƙo maka abin da ke shafinsu. Ka ce: yawan masu rajista a kowace ƙaramar hukuma ta Kano a rajistar 2023, a rabe bisa rukunan 18 zuwa 34, 35 zuwa 49, 50 zuwa 69, da 70 zuwa sama. Jimilla kake so, ba sunaye ba, ka faɗi haka a fili saboda dokar kare bayanan mutane ta 2023.

Ka kuma ƙara buƙata ta biyu: yawan waɗanda BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta tantance a rabe bisa shekaru. Na'urar da lambar katin mutum take nemo shi kafin ta tantance shi, rajista kuma tana da ranar haihuwar mai lambar, don haka a ƙa'ida ana iya haɗa su ba tare da an taɓa sirrin ƙuri'a ba. Wannan shi ne kaɗai alƙalami na hukuma da zai amsa tambayarka ta asali kai tsaye. Ka ajiye kwafin wasiƙar da tambarin karɓa. Amma kada ka rataya furojet ɗinka a kan amsar. Ka tsara aikin yadda zai tsaya ko ba ta zo ba.

Tsohon_Ejan:
Ku gafarce ni, ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, aikin ejan na sani. Abin da zan ƙara, ko fitowar jama'a baki ɗaya da kuke ɗauka mai sauƙi ce, sai an kula. A takarda ɗaya za ka ga waɗanda aka tantance daban, ƙuri'un da aka kaɗa daban, masu kyau daban. Wani a tantance shi ya gaji ya tafi. Wani ya dangwala tawada ta taɓa gida biyu. Wanne za ka ɗauka?

MaiJadawali:
Tambaya mai kyau, Baba. Ga Kano a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023: an tantance 1,769,525, an kaɗa 1,746,410, masu kyau 1,702,005, waɗanda suka lalace 44,405. Idan ka raba waɗanda aka tantance da masu rajista 5,921,370, ka samu kashi 29.9. Idan ƙuri'un da aka kaɗa ka raba, kashi 29.5. Idan kuma ka raba su da waɗanda suka karɓi katinsu, 5,594,193, ya zama kashi 31.2. Duka ukun daidai ne, amma ba abu ɗaya suke faɗi ba. Kuskuren shi ne a ɗauki na 2019 da ma'auni ɗaya, na 2023 da wani, a ce ga bambanci.

Ni na fi son jimillar ƙuri'un da aka kaɗa a kan masu rajista, domin wanda ƙuri'arsa ta lalace ya fito, kuma wannan alƙalamin ana samun sa a kowane zaɓe. Tantancewa kuwa hanyarta ta sauya: 2015 da 2019 na'urar karanta kati ce, 2023 BVAS. A Excel ka ba kowane alƙalami ginshiƙinsa, masu rajista a B, waɗanda aka tantance a C, masu kyau a D, lalatattu a E, sannan:

```
=(D2+E2)/B2*100
=C2-(D2+E2)
```

Na biyun na bincike ne. Idan ya fito ƙasa da sifili, ƙuri'u sun fi waɗanda aka tantance, ko ka kwafa ba daidai ba ko takardar na da matsala. Ka koma ka duba kafin ka ci gaba.

Ummu_Sharaɗa:
Ni a nawa aikin IReV, shafin da INEC ke ɗora sakamakon rumfuna, na so in yi amfani da shi don in haɗa rumfunan mazaɓarmu. Ku sani hotuna ne a ciki, ba tebur ba. Kowace takarda sai ka buɗe ka kwafa da hannu, wasu sun dushe, wasu an yi gyara a kan lamba. Kano rumfa 11,222 ce. Ko minti uku ka ba kowace, ka haura awa 560. Ɗalibi ɗaya ba zai iya ba, sai dai ya ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya ko mazaɓu kaɗan.

Anti_Tarauni:
Haka ne 'yar'uwa. Kuma kada a kwatanta rumfa da rumfa tsakanin 2019 da 2023. A 2021 aka ƙara rumfuna, na ƙasa suka koma 176,846, na Kano suka tashi daga 8,074 zuwa 11,222. An tsaga manyan rumfuna, an mayar da wasu mutane sababbi, har wasu sun je tsohon wurinsu ranar zaɓe ba su ga sunansu ba. Mazaɓa da ƙaramar hukuma su ne ba su sauya ba, a nan za a yi kwatanci.

Jar_Hula_Dala:
To ku duba wannan. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris Abba ya samu 1,019,602, Gawuna 890,705. Su biyun kaɗai sun fi duk ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa a Kano. Su waye suka ƙaru in ba samari ba?

Malam_na_Gwammaja:
Lissafin gaskiya ne. Su biyun 1,910,307, sun ɗara jimillar 25 ga Fabrairu da 163,897, a rajista ɗaya, mako uku tsakani. Wannan abin bincike ne mai kyau, kuma za a iya bin sa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma a ga inda ƙarin ya fito. Amma su waye suka ƙaru, takardar ba ta faɗa ba. Akwai bayani fiye da ɗaya: takarar ta fi zafi, gwamna ya fi kusa da rayuwar mutum, kuma ƙarancin takardun naira ya fi tsanani a Fabrairu. Wanda zai taɓa zaɓen gwamnan ya kuma faɗi wane alƙalami ya ɗauka, domin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire wa Abba ƙuri'u 165,663 a Satumban 2023, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da nasararsa a 12 ga Janairu 2024. A lissafin fitowa, abin da INEC ta bayyana ake ɗauka. Na 2019 ma haka, sai an haɗa na ranar 9 ga Maris da na zagaye na biyu na 23 ga Maris bayan inkonkulusib, a kula kada a ƙirga wata rumfa sau biyu.

Baban_Ilham:
Tunda sakamako ba ya faɗin shekaru, me zai hana ya ɗauki Afrobarometer, masu binciken jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka? Kyauta ake sauke bayanansu, suna tambayar shekaru, suna tambayar ko mutum ya yi zaɓen da ya wuce.

MaiJadawali:
Ga Najeriya baki ɗaya ya yi, kuma shi ne mafi sauƙin hanyar kwatanta matasa da manya. Ga Kano kaɗai bai yi ba. A zagayen baya-bayan nan mutum 1,600 suke tambaya a ƙasar duka, ana raba su bisa yawan jama'a. Rabon Kano zai faɗo wajen ɗari, matasan ciki wataƙila rabin haka. Da mutum hamsin, kuskuren ƙiyasi yana kaiwa maki 14 sama ko ƙasa. Sannan a irin wannan tambaya mutane kan ce sun yi zaɓe ko ba su yi ba, don haka adadin yakan fi na hukuma nesa. Ana amfani da shi don ganin tazara tsakanin rukunai, ba don a ce ga ainihin kashin da ya fito ba. Ka kuma duba shekarar da aka yi tambayoyin: wanda aka yi a 2022 zaɓen 2019 yake nufi, kuma sai ka cire waɗanda ba su kai 18 ba a lokacin, in ba haka ba za ka ƙirga su cikin waɗanda suka ƙi fitowa.

Ɗan_Fagge:
Akwai kuma wani taken da alƙaluman da aka wallafa suka ishe shi ɗari bisa ɗari. Jerin sunayen 'yan takara na ƙarshe da INEC ke fitarwa yana ɗauke da shekarun kowa. An sa hannu a gyaran rage shekarun takara a 31 ga Mayu 2018, majalisar jiha da ta wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25. Kano na da kujera 40 a majalisar jiha, 24 a ta wakilai. Ya ƙirga 'yan ƙasa da 35 da suka tsaya a 2019 da 2023, a wace jam'iyya, ƙuri'a nawa suka samu.

Anti_Tarauni:
Take ne mai kyau, amma takara ce, ba kaɗa ƙuri'a ba. Idan malaminsa kan fitowa ya amince, wannan sauya hanya ne gaba ɗaya. Tunda uku aka ce ya kawo, ya sa shi na uku.

Ɗan_Kurna:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsara. Na ɗaya: "Rajistar matasa da fitowar masu zaɓe a Jihar Kano, 2019 zuwa 2023", in kwatanta ƙarin rajista da sauyin fitowa a ƙananan hukumomi 44. Na biyu: bambancin fitowa tsakanin zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna. Na uku na Ɗan Fagge. Na ɗayan nake fata.

Malam_na_Gwammaja:
Na ɗayan ya yi, da sharaɗi. Ƙarin rajista a ƙaramar hukuma ba sababbin matasa ba ne zalla, akwai waɗanda suka yi sauyin wurin zaɓe suka shigo ko suka fita. Kashi 76.5 ɗin nan kuma na ƙasa ne, kada ka liƙa wa Dala ko Gwale shi kamar nasu ne. Rubuta tambayar haka: shin ƙananan hukumomin da rajistarsu ta fi ƙaruwa sun fi sauran riƙe fitowarsu, ko sun fi faɗuwa? A sakamako ka ce "ƙananan hukumomi", kada ka ce "matasa sun". Ka kuma ware takwas na cikin birni, Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, daga sauran 36, ka ga ko alaƙar tana nan a kowane ɓangare. Kafin ka kai taken, ka tabbatar ka riƙe alƙaluman 44 ɗin na shekarun biyu a hannunka.

Yaya_Hotoro:
Ni dai ina ganin in babu ko ƙaramar takardar tambayoyi, kalmar "matasa" a taken za ta zama ado. Mutum 400 'yan 18 zuwa 34 a mazaɓu huɗu, ba a harabar makaranta ba, gida-gida, maza da mata daidai, da ɗaliba mace da za ta shiga wajen matan aure. A tambayi kati tukuna, sannan lambar rumfa ko wurinta, sannan ko ya yi zaɓe, domin wanda bai je ba yakan kasa faɗin wurin.

MaiJadawali:
Yaya, ya faɗa tun farko ba shi da halin wannan. Kuma 400 na matasa zalla ba za su nuna ko sun fi manya ko sun gaza su ba, sai an haɗa da 'yan 35 zuwa sama, aikin ya ninka. Ni da ya yi 400 a gurguje gara ya yi 44 da kyau.

Yaya_Hotoro:
To a nan mun saba. Ɗan Kurna, kai wa malaminka duka biyun ka ji wanda sashenku ya fi karɓa. Wasiƙar INEC ɗin dai ka kai ta cikin makon nan, kada ka jira a amince da take.

Ummu_Sharaɗa:
Wanda yake da sakamakon shugaban ƙasa na 2019 na ƙananan hukumomi 44 tare da masu rajista da lalatattun ƙuri'u, ba na jam'iyyu kaɗai ba, don Allah ya sa mana a nan. Na jaridun da na gani yawanci APC da PDP kawai suka kawo.